Ma'anar "infekshan": ba cutar mata ba ce, yankan lauje ma yana yi

Kunna rediyo da yamma, ko ka tsaya kusa da motar masu tallar magani a kasuwa, ba za ka yi minti biyar ba sai ka ji an ce infekshan. Maganin infekshan, sabulun infekshan, shayin infekshan. A bakin masu tallar nan kalmar ta koma sunan cuta guda ɗaya, ciwon sanyi na mata, har an kai ga idan ma'aikacin asibiti ya duba ƙafar magidanci ya ce "Malam, ciwon nan ya yi infekshan," sai mutumin ya ɓata rai kamar an zage shi.

Ma'anarta ba ta da wani lauje cikin naɗi. Ƙwayoyin cuta ne suka shiga wani sashe na jiki, suka samu wurin zama, suka hayayyafa har suka fara ɓarna. Yana iya zama a huhu, a kunne, a mafitsara, ko a ɗan yankan da ka raina. A kan rauni kuwa muna da kalmarmu tun fil azal: ciwo ya ruru, ya yi mugunya, ya harbu. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu tallar sun sace kalmar, sun bar mutane ba su san rurin ciwo ma shi ne ba, kuma shi ne wanda yake iya cin ƙafa ko rai cikin 'yan kwanaki.

Ɗauki manomin da lauje ya zame ya yanke shi a ƙwauri lokacin yankan shinkafa. Ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da aiki cikin laka. Ranar farko da ta biyu bakin ciwon zai ɗan kumbura, ya yi ɗumi, ya yi zafi. Wannan ba ruri ba ne, jiki ne yake aikin gyara, kuma alamarsa ita ce kullum abin raguwa yake yi. Ruri kuwa akasin haka ne. An kwana biyu ko uku, maimakon sauƙi sai zogi ya ƙaru, wurin yana bugawa kamar zuciya, mugunya fara ko ruwan ɗorawa tana fita, wani lokaci da wari.

Idan abin bai wuce bakin ciwon ba, yankan ba mai zurfi ba ne, kuma mutum garau yake ba zazzaɓi, ana iya fara kula da shi a gida. A tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ba a tula ba. A bar shi ya huce ya zama mai ɗumi. Mai wankin ya wanke hannunsa da sabulu tukuna. Idan tsumman ya manne, a jiƙa shi da ruwan har ya saki da kansa, kada a fizge. Sannan a jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwan gishirin a ɗora na minti 15 zuwa 20, don ɓawon da ya rufe mugunyar ya yi laushi ta samu hanyar fita. Sai a kwarara ruwa sosai a cikin ciwon. Sirinji sabo marar allura ya fi kyau, domin ƙarfin feshinsa ke fito da ƙasa da ƙaiƙayi. Yawan ruwan ne ke yin aikin, ba zafin magani ba. A goge da gozi daga tsakiya zuwa waje, kowane shafa da sabon gefe. Auduga kan bar zare a ciki, a bar ta. A busar da fatar kewaye, a shafa ɗan basilin mai tsabta don kada bandeji ya manne, a rufe da gozi a ɗaure sako-sako. A canja sau biyu a rana, ko duk lokacin da ya jiƙe, a kuma riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ruwan gishirin da ya kwana a zubar, a dafa sabo.

Kada a matse ciwon da ƙarfi, kada kuma a haɗe bakinsa da filasta a toshe mugunya a ciki. Ruwan batir, man birki, toka, kashin shanu, duk ƙara wa Borno dawaki ne. Buɗe kafso a barbaɗa garinsa ma ba ya kaiwa inda ƙwayoyin suke, sai dai ya daskare ya rufe ciwon. Sifirit da haidurojin na kashe ƙwayoyi, gaskiya ne, amma suna ƙona sabon naman da ke tsirowa idan ana zuba su kullum.

Yanzu ga inda masu shirin lafiya a rediyo su ma suke yi mana ba daidai ba. Kullum sai ka ji an ce "idan wurin ya yi ja." Wannan magana daga littattafan da aka rubuta ana kallon farar fata aka ɗauko ta. A ƙwaurin manomin nan baƙi, ja ba lallai ya fito ba, kuma mai jiran ya ga ja zai jira har abin ya ƙetare gwiwa. Abin da za ka gani shi ne fata ta ƙara duhu, ta yi ƙyalli, ta ɗame kamar fatar ganga. Abin da hannu zai ji ya fi abin da ido zai gani. Ɗora bayan hannunka a kan ƙafar mai ciwo, sannan a kan ɗaya ƙafar daidai wurin, ka bi a hankali har ka gano inda zafi da tauri suka tsaya. Ɗauki biro ka zagaye iyakar, ka rubuta lokaci a gefe. Bayan awa shida ko da safe ka sake dubawa, a hasken rana, ba da tocilan ba. Idan zafin ya tsallake layin, ruri yana tafiya a ƙarƙashin fata, kuma wanki daga waje ba zai cim masa ba. Wannan sai maganin kashe ƙwayoyin cuta da ma'aikacin lafiya zai zaɓa, ranar nan ba gobe ba.

Haka idan wani layi mai zafi ya miƙe daga ciwon ya nufi cinya, ko kaluluwa ta fito a matsematsi. Ciwon hannu kuwa a hammata take fitowa. Mukan ɗauki kaluluwa abin wasa, alhali tana nuna ƙwayoyin sun bi hanya sun isa can. Sai zazzaɓi, daga digiri 38 zuwa sama, da rawar sanyi. A nan mutane da yawa ke ɓata kwana biyu suna shan maganin maleriya, su kora da farasitamol ya danne zafin jikin, ba wanda ya tuna da ƙafar da ke cikin tsumma. Idan har numfashi ya fara sauri, mutum yana sambatu ko barci mai nauyi, fitsari ya ragu, to abin ya taɓa jiki duka, kuma ko tsakar dare ne a nemi mota. Haka ma idan zogin ya fi ƙarfin girman ciwon, ko fata ta yi bororo ko ta fara baƙi.

Wasu ba a ma fara musu a gida: mai ciwon suga, musamman a ƙafa inda sau da yawa ba ya jin zafin, jariri, wanda mutum ko kare ya ciza, wanda ƙusa ta huda, da ciwon da ke tafin hannu, kan gaɓa ko fuska. Kowa ma, idan an yi kwana biyu ana wanki ba a ga sauƙi ba, a tafi. Manomin namu kuma, tunda laka ta shiga yankan, a tambaye shi yaushe aka yi masa allurar cutar sarƙe haƙora. Idan ya wuce shekara 5, ko bai ma sani ba, yana bukatarta ko da ciwon ya yi kyau, domin wannan cutar takan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21, wani lokaci bayan bakin yankan ya riga ya rufe.