Alamomin Wanki a Jikin Tufafi

Alamomin wanki su ne ƙananan zane-zanen da ake bugawa a ƙyallen da ke cikin wuyan riga ko gefenta. Tsarin da ya fi yaɗuwa na GINETEX ne, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da alamomin wanki, wadda aka kafa a 1963, shi ne kuma ya zama ƙa'idar duniya mai suna ISO 3758. Alamomin biyar ne, ana karanta su daga hagu zuwa dama: baho na wanki, alwatika na bilic, murabba'i na shanya, dutsen guga, sai da'ira ta wankin kamfani. Kowacce tana nuna iyakar abin da yadin zai iya jurewa ne. Ƙasa da haka ba laifi, haurawa ce ke ɓata tufa.

A ɗauki misalin wanda ya sayo riga a gwanjon Katanguwa da ke Legas, ya ɗauki hoton ƙyallen ya tura wa mai wanki da guga a Agege. A hoton akwai baho mai lamba 30 da layi ɗaya a ƙasansa. Wato zafin ruwan kada ya wuce digiri 30, kuma ruwan famfo ya isa. Layin yana nufin a wanke a hankali, ban da buga rigar a dutse ko murɗa ta da ƙarfi. Da layi biyu ne, sai an ƙara lallaɓawa. Alwatikan an soke shi da gicciye, don haka bilic ba zai taɓa ta ba. Inda aka ga layi biyu a karkace cikin alwatika, an hana bilic mai kulorin ne kaɗai, wanda shi ne aka fi sayarwa a shaguna, kuma yakan cinye launi ya bar farin tabon da ba ya gyaruwa.

Dutsen gugar ya fi komai jawo asara. Ɗigo ɗaya a cikin alamarsa kimanin digiri 120 ne, biyu 160, uku 210. Rigar tana da ɗigo ɗaya, alamar yadi mai roba-roba. Dutsen gawayi, wanda ake komawa gare shi idan an ɗauke wuta, ba shi da ma'aunin zafi. Ya kamata a bari ya huce, a shimfiɗa farin ƙyallen auduga a kan rigar, a fara gwadawa a cikin lafin rigar. Idan wurin ya yi sheƙi, zaren ya fara narkewa ke nan.

Shi kansa hoton yana iya ruɗa mutum. Idan an yanke ƙasansa, layin da ke ƙarƙashin baho ya ɓace. Idan kuma an ɗauke shi a kwance, layin tsaye a cikin murabba'i, mai nufin a rataya a igiya, sai ya koma na kwance, mai nufin a shimfiɗa tufar a wuri mai faɗi don kada nauyin ruwa ya ja ta. Mafita ita ce a juya hoton har bakin bahon ya kalli sama kafin a fara karantawa.