Jan maɓallin tsayar da inji: abin da ƙa'idar ISO 13849-1 take nema daga wayoyin da ke bayansa

Duk wanda ya taɓa aiki kusa da injin masana'anta ya san jan maɓallin nan mai kan naman kaza da ke zaune a kan rawayen faifai. Launinsa da siffarsa ba ado ba ne, ƙa'idar ISO 13850 ce ta tanadi haka. Ita ce kuma ta ce idan an danna shi ya maƙale a danne har sai mutum ya sake shi da hannu, kuma sakinsa kaɗai kada ya tayar da injin. To amma maɓallin kansa shi ne mai sauƙin al'amarin. Abin da ke tabbatar da cewa motar lantarkin da ke juya injin za ta tsaya a daidai lokacin da hannun wani ya shiga inda bai kamata ba yana cikin akwatin lantarki, kuma ƙa'idar da ke hukunci a can ita ce ISO 13849-1.

Wannan ƙa'ida ba dokar wata ƙasa ba ce da kanta. Dokokin ƙasashe ne ke jingina da ita. A Tarayyar Turai, alal misali, wanda ya gina inji bisa ita ana ɗaukarsa ya cika wannan ɓangare na dokar injuna ta 2006/42/EC, wadda sabuwar doka mai lamba 2023/1230 za ta gada daga 20 ga Janairun 2027. Tun bugun 2006 ne ƙa'idar ta zo da ma'aunin da ake kira PL, wato matakin amincin tsarin kariya, daga a mafi ƙanƙanta zuwa e mafi girma.

Kafin a taɓa waya, sai an san matakin da ake buƙata, wanda ake rubutawa PLr. Tambayoyi uku ake yi, S kan tsananin rauni, F kan yawan kusanta, P kan damar kaucewa, kuma a kowacce amsa mai sauƙi 1 ce, mai tsanani 2. Raunin da zai iya faruwa mai warkewa ne, ko irin wanda ba ya gyaruwa kamar yankewar yatsa ko rasa rai? Mutum yana kusantar wurin haɗarin jefi-jefi ne, ko a kai a kai? Idan abin ya taso, akwai damar kauce masa ko da wuya? A ɗauki bel mai ɗaukar kaya wanda wata babbar motar lantarki ke ja. Idan ya kama hannu, ba lallai hannun ya dawo ba, saboda haka wannan S2 ne. Ma'aikata ba sa kusantar bakin abin juyawar sai lokaci-lokaci, F1 ke nan. Amma da zarar ya kama riga babu zancen ja da baya, P2. Haɗuwar S2 da F1 da P2 tana ba da PLr d. Da a ce ana kusantar wurin a kai a kai, da ya koma e. Ita kuwa ISO 13850 a bugunta na 2015 ta sa ƙasa ga tsayawar gaggawa: kada ta gaza PL c ko da lissafi ya nuna ƙasa da haka.

Yanzu a dubi haɗin da aka fi sabawa da shi: waya ɗaya ta fito, ta bi ta kwantak ɗaya na maɓallin, ta je kwayil ɗin kontakta ɗaya, wato makunnin da ke ba motar wuta. Kwantak ɗin irin mai zama a rufe ne, don haka idan waya ta tsinke injin zai tsaya, wannan yana da kyau. Amma idan bakin kontaktar ya narke ya manne saboda yawan tartsatsi fa? Ko wayar ta goge ta taɓa wata mai ɗauke da bolt 24? A duka biyun injin zai ci gaba da aiki lafiya ƙalau, ba abin da zai nuna akwai matsala, har ranar da wani zai danna maɓallin motar ta ƙi tsayawa. Wannan ce irin lalacewar da ƙa'idar ta fi tsoro, wadda ke ɓoye. Haɗin layi ɗaya, ko da an yi shi da kayan da aka daɗe ana amfani da su aka yarda da su, Rukuni na 1 ne a rabe-raben tsarin haɗi na ƙa'idar, kuma iyakarsa PL c. Ba zai ishi bel ɗinmu ba.

Hanyar da aka fi bi zuwa d ita ce Rukuni na 3, kuma sharaɗinsa a bayyane yake: lalacewa guda ɗaya kada ta kashe aikin kariya, kuma duk inda zai yiwu a gano ta. Daga nan layi biyu ya samo asali. Maɓallin yana da kwantak biyu masu zama a rufe, kowanne da wayarsa zuwa rilen kariya, wato na'urar da ke sa ido a kan layukan ta kuma yanke wuta. A yawancin irin waɗannan rile za ka ga layi na farko a kan S11 da S12, na biyu a kan S21 da S22, kodayake lambobin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka takardar maƙeri ce abin bi. A ciki akwai ƙananan rile biyu, K1 da K2, waɗanda aka jera kwantak ɗinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko wanne ya buɗe, wuta ta yanke.

Sai dai layi biyu kawai ba su wadatar ba, kuma nan ne mutane da dama ke tsayawa da wuri. Idan layi ɗaya ya mutu ba wanda ya sani, an koma layi ɗaya ke nan ana zaton biyu ne. Sa ido shi ne rabin aikin. A ce kwantak na farko ya gaza buɗewa. An danna maɓalli, na biyu ya buɗe, K2 ya saki, mota ta tsaya. Rilen ya lura cewa layi ɗaya ne ya buɗe, sai ya ƙi sake kamawa duk yadda aka danna maɓallin sake saiti. Mai gyara zai gane wannan da idonsa: fitilar layi ɗaya a kunne, ta ɗayan a kashe. Abin da ya sa rilen ke iya sanin halin da cikinsa yake shi ne kwantak ɗinsa a ɗaure suke da sanda guda, ta yadda idan mai zama a buɗe ya manne, abokinsa mai zama a rufe ba zai iya rufewa ba. Idan kuma wayoyin layukan biyu suka haɗu da juna, misali an take kebul ɗin, rilen da ke ba kowane layi wuta daban zai gano haɗuwar ya saki.

Haka ake yi a ɓangaren mota. Kontakta biyu ake jerawa, kowacce da ƙaramin kwantak na madubi wanda ba ya rufewa muddin babban bakinta na manne. Ana bi da waɗannan kwantak biyu cikin da'irar sake saiti. Kontakta ɗaya ta manne, ɗayar ta yanke wuta, sannan injin ya ƙi tashi sai an canza wadda ta lalace. A ganina babu kuskuren da ya fi haɗari a wannan aiki kamar sa guntuwar waya a tsallake wannan da'ira don injin ya tashi a ci gaba da aiki. Wanda ya yi haka bai gyara komai ba, ya dai toshe bakin da ke gaya masa cewa kontakta ɗaya ce ta rage tsakanin ma'aikaci da bel.

Daga nan sai lissafi. Kayan da ke cinyewa da amfani ana ba su lamba B10d, wato yawan buɗewa da rufewar da za a yi kafin kashi 10 cikin ɗari nasu su yi lalacewa mai haɗari.

```
MTTFd = B10d / (0.1 × nop)
T10d  = B10d / nop
```

A nan nop shi ne yawan buɗewa da rufewa a shekara, MTTFd matsakaicin shekarun da za a ɗauka kafin lalacewa mai haɗari, T10d kuwa shekarun da za a ɗauka kafin a kai B10d. A ce takardar kontaktar ta ba da B10d na 1,300,000, kuma injin yana aiki kwana 240 a shekara, awa 16 a rana. Idan kontaktar na kamawa sau ɗaya duk minti goma, nop zai zama 23,040, MTTFd ya kai kusan shekara 564, wanda a Rukuni na 3 ake yanke shi zuwa 100 ga kowane layi. Amma idan kontaktocin nan su ne ke kunnawa da kashe motar duk minti ɗaya, nop ya koma 230,400, MTTFd ya sauko zuwa kusan shekara 56. Har yanzu yana cikin babban aji, wanda ke tsakanin 30 da 100. Abin lura yana a layi na biyu na lissafin: T10d ya zama kusan shekara biyar da rabi, alhali ƙa'idar tana lissafi ne a kan shekara 20 na aiki. Ma'ana dole a rubuta cikin takardar kula da injin cewa a canza kontaktocin kafin wannan wa'adi, ko da ba su nuna wata alamar gajiya ba.

Sauran abu biyu. Akwai DC, wato kason lalacewa mai haɗari da tsarin ke iya ganowa: daga 60 zuwa ƙasa da 90 cikin ɗari ƙarami ne, zuwa ƙasa da 99 matsakaici, daga 99 babba. Rukuni na 3 mai babban MTTFd da ƙaramin DC yana kaiwa PL d, wanda ke nufin yiwuwar lalacewa mai haɗari ƙasa da ɗaya cikin miliyan a kowace awa. Akwai kuma sanadi ɗaya da zai iya kashe layukan biyu tare, kamar zafi, ruwa ko ƙarfin wuta fiye da kima. Ƙa'idar tana da jerin matakai masu maki, kuma sai an samu 65 cikin 100. Bel ɗinmu ya cika d da maɓalli mai kwantak biyu, rilen kariya, da kontakta biyu da ake sa wa ido. Cire kontakta ɗaya, ya faɗo, ko da an rubuta PL e a jikin rilen, domin matakin na dukan jerin ne daga maɓalli har zuwa mota.

PLC na kariya, wato ƙaramar kwamfutar sarrafa inji, wannan aikin na rile yake yi, sai dai da manhaja da ƙwaƙwalwa biyu masu duba juna. Yana aika ɗan gajeren yankewar wuta a kan kowane layi a lokuta mabambanta don gano haɗuwar wayoyi, kuma ana saita masa iyakar lokacin da layukan biyu za su iya saɓa wa juna kafin ya kulle. Yana da amfani idan ƙofofi da maɓallai da labulen haske masu gano shigar mutum sun yi yawa, ko inda ake son tsayawa ta rukuni na 1 a IEC 60204-1, wato a rage gudun mota tukuna sannan a yanke wuta, saɓanin rukuni na 0 da ke yankewa nan take. Yana kuma magance wata matsala ta jera makullan ƙofofi da yawa a kan rile ɗaya, inda buɗe ƙofa ta biyu kan share shaidar lalacewar ta farko, rilen ya sake kamawa kamar ba komai. PLC na yau da kullum kuwa yana iya karanta halin maɓallin ya nuna a allo, amma bai cancanci ya zama shi kaɗai ke yanke wutar ba.

Takarda da lissafi ba su kammala aikin ba sai an gwada. Da injin na gudu babu kowa kusa, a cire wayar layi ɗaya: dole ya tsaya, kuma bayan an mayar da ita ya ƙi sake saituwa sai an buɗe layukan biyu tare. A buɗe da'irar kwantak na madubi: dole ya ƙi kamawa. A saki jan maɓallin ba tare da taɓa komai ba: dole motar ta zauna shiru. A rubuta sakamakon kowane gwaji da ranarsa, a maimaita duk lokacin da aka canza waya, kontakta ko manhajar kariya.