Sharaɗin shekarun aiki: yadda ake lissafi da abin da takarda za ta nuna

Ana ta yaɗa cewa wanda ba ya aikin cikakken lokaci, ko mai sana'ar kansa, ba shi da rabo a duk inda aka ce sai an nuna shekarun aiki. Ba haka abin yake ba. Wannan sharaɗi ya shafi masu neman lasisin sana'a, gurbin aiki ko izinin zama wata ƙasa, kuma yawanci abin da ake dubawa shi ne sa'o'in da aka yi da hujjar da ta tabbatar da su.

Mu ɗauki tsarin Kanada na karɓar ƙwararrun ma'aikata daga waje. A wurinsu shekara ɗaya tana nufin sa'a 1,560 na aikin da aka biya, wato sa'a 30 a mako, a jere, cikin shekaru goma da suka wuce. A ce wata ma'aikaciyar jinya tana yin sa'a 15 a mako. Aikinta ya shiga lissafi, sai dai za ta yi wata 24 kafin ta cika shekara ɗaya. Abokiyar aikinta kuwa da ke yin sa'a 60 a mako ba za ta cika shekarar cikin wata shida ba, domin abin da ya haura 30 ba a ƙirga shi. Nan mutane suka fi ruɗewa. Aikin sa-kai da koyon aiki ba albashi ba sa cikin lissafin.

Takardar shaidar aiki kuwa, dole ta fito da sunan wurin aikin da adireshinsa, ranar farawa da ta bari, muƙami, sa'o'in mako, albashi, ayyukan da mutum ya riƙa yi, da sa hannun shugabansa. Takardar da ta tsaya ga cewa “ma'aikaci ne mai ƙwazo” ba ta tabbatar da komai ba. A haɗa da takardun albashi, bayanan banki ko na haraji, kuma ranakun su yi daidai da juna. Idan kamfanin ya rufe, waɗannan ne madogara, tare da wasiƙar bayani. Mai sana'ar kansa ya kawo shaidar kuɗin da ya samu da shaidar waɗanda ya yi wa aiki, don wasiƙar da ya rubuta wa kansa ba ta isa ba.

Ni a ganina, akwai tsauri ga wanda ya shekara goma ana biyansa hannu da hannu ba rasit. Ya iya aikin, takarda ce kawai babu. Amma kada hakan ya sa a ƙara wata biyu a kan ranar bari don cike giɓi. A dokar Kanada wannan ba da bayanin ƙarya ne, hukuncinsa haramta shiga ƙasar na shekara 5, ko da wakili ne ya cike fom ɗin. Wanda aka ƙi don rashin cika sa'o'i kuwa, yana iya sake nema da zarar ya cika su.