Kalandar Girigori da kwanakin da aka tsallake

Kalandar da muke kira ta Miladiyya, sunanta na asali kalandar Girigori, domin Fafaroma Girigori na 13 ne ya kafa ta a 1582. A shekarar, mutanen birnin Rum sun kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka wayi gari Juma'a 15 ga wata. Kwana goma suka ɓace daga lissafi, amma jerin ranakun mako bai taɓu ba.

Bashi ne aka biya. Tsohuwar kalandar Juliyas Kaisar ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da awa shida, shi ya sa take ƙara wa Fabrairu kwana ɗaya duk bayan shekara huɗu. Ita kuwa shekarar rana ba ta kai haka ba, ta gaza da kusan minti 11. Abin kamar ba komai, amma da kaɗan-kaɗan ake cika tulu: duk shekara 128 mintocin nan sukan haɗa kwana guda cur. Coci ta damu ne saboda bikin Ista, wanda ake lissafa shi daga 21 ga Maris, ranar da dare da yini ke daidaita. Haka abin yake a zamanin taron shugabannin Coci da aka yi a birnin Nikiya a shekarar 325, amma zuwa 1582 daidaituwar ta zame zuwa wajen 11 ga Maris. Kwana goman da suka taru tun daga Nikiya su aka cire.

Don kada bashin ya sake taruwa, aka ce shekarar da ta ƙare da sifili biyu ba za ta sami ƙarin kwana ba sai in za a iya raba ta da 400 ba saura. Saboda haka 1600 da 2000 suka samu, 1700 da 1800 da 1900 suka rasa.

Umarnin na Fafaroma ne, ba kowa ke jin maganarsa ba. Sifen da Fotugal da Foland, ƙasashen Katolika, sun bi nan take. Furotesta da 'yan Otodoks suka ja baya, jinkirin kuma ya ƙara musu bashi, tunda tsohuwar kalanda ta ci gaba da ƙara kwana a shekarun nan uku. Birtaniya ta sauya a 1752, bayan 1700 ta wuce, sai ta biya kwana 11: daga 2 ga Satumba ta faɗa 14. Rasha ta jira har 1918 ta biya 13, daga 31 ga Janairu zuwa 14 ga Fabrairu.

Wannan ne ya sa juyin juya halin Rasha na 25 ga Oktoba 1917 ake tunawa da shi a 7 ga Nuwamba, Cocin Rasha kuma, da har yau take kan tsohon lissafi, ke Kirsimeti a 7 ga Janairu. Tazarar za ta koma kwana 14 a shekarar 2100.