Akwati nawa zane ɗaya zai ɗauka kafin a raba shi?

Malam, na zana tsarin manhajar wani shagon sari da ke Kasuwar Dole, nan Damagaram. Akwati 23 a takarda ɗaya. Alhaji mai shagon ya duba ya ce bai gane komai ba. In rage ko in raba?

Raba shi, ƙanena, bisa ga wanda zai duba. Alhaji ba ruwansa da cikin manhaja, so yake ya ga wa ke hulɗa da ita. Ba shi takarda mai akwati guda a tsakiya, ka kewaye shi da mai saye, mai kawo kaya daga Kano, yaron shago da Alhajin kansa. Kowace kibiya ka rubuta abin da take ɗauke da shi: oda, rasit, kuɗi.

A takarda ta biyu sai ka fasa akwatin nan gida huɗu, ka ba su lamba: 1 sayarwa, 2 ajiyar kaya, 3 bashi, 4 rahoto. Ta uku kuwa ba kowane akwati ya cancance ta ba. Rahoto layi biyu na rubutu sun ishe shi. Bashi ne mai rikici, domin ɗan kasuwa kan ɗauki shinkafa buhu 10, ya biya na huɗu, ya ce saura sai Alhamis. Shi za ka buɗe: 3.1 rubuta bashi, 3.2 karɓar biya kaɗan-kaɗan, 3.3 tunatar da wanda wa'adinsa ya wuce.

Akwai adadin da aka tsayar?

Ƙa'idar zane ta IDEF0 ta ce akwati 3 zuwa 6 a takarda. Lissafi ma ya goyi bayanta: akwati 6 hanyoyi 15 ne kawai za su iya haɗa su biyu-biyu, naka 23 kuwa 253. Amma ni na fi kula da wata alama fiye da ƙidaya. In ka ga "sayarwa" zaune kusa da "buga rasit", ka haɗa uwa da ɗiya a sahu ɗaya, ko da akwatinka biyar ne.

In na raba, ina ake yin tuntuɓe?

Wajen kibau. Duk wadda ta shiga akwati na 3 ko ta fita a takarda ta biyu, dole a same ta a ta uku da sunanta, ba ƙari ba ragi. Na taɓa saka kibiyar "kayan da aka maido" a takardar ƙasa alhali babu ita a ta sama. Wanda ya rubuta manhajar kuwa takardar sama ya bi, sai ga buhu biyu sun koma shago amma bashinsu na nan a kan mai saye. Tun ranar nake jera takardun biyu a tebur, ina bin kibau ɗaya bayan ɗaya da fensir.