Hurumin Yanki: Gano Kotu, Ofishin 'Yan Sanda ko Ofishin Rajista da ya Dace da Takarda

Hurumin yanki shi ne ikon da doka ta ba wata kotu, ko ofishin 'yan sanda, ko ofishin rajista na karɓar al'amuran da suka shafi wani keɓaɓɓen yanki na ƙasa da kuma zartar da hukunci ko ɗaukar mataki a kansu. Duk wanda zai shigar da ƙara, ko kai rahoton laifi, ko yin rajistar haihuwa, mutuwa ko mallakar fili, yana bukatar sanin ofishin da ke da wannan iko kafin ya miƙa takardarsa. Yawancin mutane suna ɗauka cewa ofishin da ya fi kusa da gidansu shi ne nasu, alhali kuwa doka ba ta cika duba mazaunin mai kawo takarda ba. Abin da take dubawa shi ne wurin da shi kansa al'amarin ya rataya, kuma wannan wuri yana canzawa daga wani nau'in takarda zuwa wani.

Adireshin da doka take la'akari da shi

A ƙarar da ba ta laifi ba, kamar ta bashi ko saɓa yarjejeniya, ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce mai ƙara ne yake bin wanda yake ƙara zuwa kotun inda wancan yake zaune. Ƙa'idar ta samo asali tun daga dokokin Rumawa, kuma hikimarta a fili take: mutumin da ba a riga an tabbatar da cewa ana bin sa wani haƙƙi ba, bai kamata a ɗora masa wahalar tafiya mai nisa don kare kansa ba, domin in da kowa zai iya kai ƙara a inda ya ga dama, da an mayar da sammaci makamin musgunawa. Sashe na 42 na dokar shari'ar da ba ta laifi ba ta ƙasar Faransa ya faɗi wannan ƙa'ida ƙarara, haka nan dokar Tarayyar Turai mai lamba 1215 ta shekarar 2012 ta ɗauke ta a matsayin tushe tsakanin ƙasashen ƙungiyar. Idan wanda ake ƙara kamfani ne, galibi ana duba adireshin da aka yi masa rajista da shi ko inda hedikwatarsa take, kuma sau da yawa wannan adireshi ya bambanta da na reshen da mutum ya yi hulɗa da shi.

Rigimar mallakar ƙasa da gine-gine tana bin wata ƙa'ida dabam, wadda ta fi ta farko tsauri. Kotun da filin yake cikin yankinta ita ce mai hurumi, ko da mai ƙara da wanda ake ƙara duk suna zaune a wani gari mai nisa, kuma a dokoki da yawa ko sun amince a tsakaninsu ba za su iya ɗauke shari'ar zuwa wata kotu ba. Dalili shi ne a can shaidun iyaka suke, a can alƙali zai iya zuwa ya gane wa idonsa, a can kuma littafin rajistar filin yake. Wannan ne ma ya sa takardar sayen fili ko jinginar da shi take shiga ofishin rajistar filaye na yankin da filin yake, ba na inda mai saye yake zaune ba.

A laifuka, wurin da aka aikata laifin ne yake nuna ofishin 'yan sandan da zai yi bincike da kotun da za ta yi shari'a. A haihuwa da mutuwa kuwa, yawanci wurin da abin ya faru ne, don haka jaririn da aka haifa a asibitin wata gunduma, a ofishin wannan gunduma ake yi masa rajista, ko da iyayensa sun koma gida washegari. Faransa ta ba da kwana 5 a kai sanarwar haihuwa ga ofishin magajin garin da aka haihu, Ingila da Wales kuma sun ba da kwana 42.

Matakin kotu da nau'in shari'a

Gano yankin bai wadatar ba, domin a yanki guda ana iya samun kotuna da dama waɗanda ikonsu ya bambanta. Ƙananan kotuna suna da iyakar adadin kuɗin da za su iya yanke hukunci a kai, wasu shari'o'in kuma, kamar na ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ko na aure da gado, ko na haraji, doka takan keɓe su ga kotuna na musamman. Bambancin yana da nauyi: kuskuren yanki a ƙarar bashi sau da yawa yakan wuce idan wanda ake ƙara ya bayyana ya shiga kare kansa ba tare da ya yi ƙorafi a kan hurumi ba, amma kotun da ba ta da ikon sauraron nau'in shari'ar tun asali, a tsarin ƙasashe da yawa hukuncinta yana iya rushewa a ɗaukaka ƙara, ko da an shafe shekaru ana zama.

Yadda ake tabbatar da ofishin

Mataki na farko shi ne a rubuta cikakken adireshin wurin da al'amarin ya rataya, tare da sunan gunduma ko ƙaramar hukumar da wurin yake ciki a hukumance. A nan ne ake yawan tuntuɓe, saboda sunan unguwa da mutane suke kira a baki ba lallai ne ya dace da iyakar mulki ba. Babban titi ko kogi yakan zama iyaka, ta yadda gidaje biyu da suke kallon juna za su faɗa ƙarƙashin ofisoshi biyu. Lambar aika wasiƙu ma ba hujja ba ce, domin an zana ta ne don sauƙin raba wasiƙu, kuma tana iya ratsa iyakar gundumomi. Game da fili, lambar fuloti da taswirar safiyo sun fi adireshi ƙarfi, tunda da su ake neman fili a littafin rajista.

Daga nan sai a duba inda hukuma ta bayyana iyakokin. Yankunan kotuna ana kafa su ne da doka ko da sanarwar da aka buga a jaridar gwamnati, kuma ma'aikatun shari'a na ƙasashe da dama suna da shafi a intanet inda ake saka adireshi a ga kotun da ta dace. Sai dai iyakoki suna canzawa idan an ƙirƙiri sabuwar gunduma ko an haɗe kotuna biyu, saboda haka ya kamata a dubi kwanan watan kowane jeri kafin a dogara da shi. Abin da ya fi komai tabbas shi ne tambayar magatakardan ofishin kai tsaye, kuma yadda aka yi tambayar yana da tasiri a kan amsar da za a samu. Wanda ya ce, “Ina zaune a unguwa kaza, nan ce kotuna?” zai iya samun amsar “e” wadda gaskiya ce amma ba ta da amfani gare shi. Tambayar da ta dace ita ce wadda ta ambaci nau'in takardar, da adireshin wanda ake ƙara ko na filin, da adadin kuɗin da ake nema. A tuna kuma cewa karɓar takarda da buga mata hatimi ba hukunci ba ne a kan hurumi. Magatakarda yana iya karɓa, alƙali kuma daga baya ya ce ba shi da iko.

Misali a aikace

A ɗauka wata 'yar kasuwa da ke zaune a gunduma ta farko ta sayar wa wani mutum kaya bashi. Mutumin yana zaune a gunduma ta biyu, an kuma sauke masa kayan a rumbunsa da ke gunduma ta uku, sannan ya ƙi biya. Kotun gunduma ta farko, wadda ita ce mafi kusa da ita, galibi ba ta da hurumi, domin ba abin da ya haɗa ta da al'amarin sai zaman mai ƙara. Kotun gunduma ta biyu tana da shi bisa ƙa'idar mazaunin wanda ake ƙara. Kotun gunduma ta uku ma tana iya samunsa a ƙasashen da suka ba mai ƙara zaɓin wurin da aka miƙa kaya, kamar yadda sashe na 46 na waccan dokar ta Faransa ya tanada. Kafin ta zaɓa, sai ta sake karanta takardar yarjejeniyarsu, domin idan akwai sharaɗin da ya ambaci wata kotu ko ya ce a je sasanci a gaban mai shiga tsakani, wannan sharaɗi yana iya rinjayar duk lissafin da ya gabata.

A ƙara ɗauka cewa wa'adin da doka ta ba ta na shigar da irin wannan ƙara shekara uku ne, kuma saura mata wata biyu ya cika lokacin da ta kai takardarta kotun gunduma ta farko. Bayan wata huɗu lauyan wanda ake ƙara ya yi ƙorafin rashin hurumi, alƙali kuma ya amince. Abin da zai biyo baya ya dogara ga dokar ƙasar. Inda doka ta ba da damar mayar da shari'a zuwa kotun da ta dace, fayil ɗin yakan tafi da kwanan watansa na farko. Dokar tarayyar Amurka, alal misali, ta tanadi cewa ƙarar da aka mayar tsakanin kotunan tarayya saboda rashin hurumi tana ci gaba tamkar an shigar da ita a sabuwar kotun tun ranar farko. Inda kuwa alƙali ba shi da wata hanya sai korar ƙarar, kuma dokar ba ta ɗauki shigarwar farko a matsayin abin da ya tsayar da lissafin wa'adi ba, matar za ta fara daga farko bayan wa'adi ya cika da wata biyu, haƙƙinta na gaskiya ya salwanta ba tare da an taɓa duba ko ana bin mutumin bashi ba. Saboda wannan haɗari ne ake adana rasit da kwafin takarda mai ɗauke da hatimi da kwanan wata, domin su ne shaidar ranar da aka fara neman haƙƙin.

Rahoton laifi a ofishin da ba na yankin ba

Ofishin 'yan sanda ya bambanta da kotu a wannan fuska, domin jinkiri a rahoton laifi yana ɓatar da shaida, wani lokaci ma yana jefa rai cikin haɗari. Mayar da wanda aka zalunta da cewa “ba yankinmu ba ne” ɗabi'a ce mai cutarwa, kuma wasu ƙasashe sun hana ta da doka. A Faransa, sashe na 15-3 na dokar shari'ar laifuka ya wajabta wa 'yan sanda karɓar ƙorafi ko da laifin bai faru a yankinsu ba, sannan su tura shi ga ofishin da ke da hurumi. A Indiya ana rubuta irin wannan rahoto da lambar sifili har sai ya isa ofishin da ya dace ya samu lambarsa ta dindindin, kuma sabuwar dokar shari'ar laifuka ta 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2024, ta sanya wannan tsari a rubuce. Wanda ya kai rahoto ta wannan hanya ya nemi lambar shigarwa, da sunan ofishin da za a tura fayil ɗin, da kwafin bayaninsa in doka ta yarda, sannan ya bibiyi ofishin na biyu da kansa don tabbatar da cewa takardar ta isa kuma an ba wani jami'i binciken.