Me ake nufi da "sauƙaƙa Hausa" a rubutun rediyo?

Yanzu duk shirin da ka kunna sai ka ji ana cewa "mun sauƙaƙa Hausar don kowa ya gane", amma in ka saurara da kyau abin da aka yi kawai an cire kalmomin Hausa an cusa na Turanci da na majalisar samari. To wannan fa ba sauƙaƙawa ba ne, tsohuwar da ke sauraro a ƙauye ƙara nesanta ta aka yi.

Daidaitacciyar Hausa, wato wadda aka gina kan karin harshen Kano, ba ita ke wahalar da mai sauraro ba. Tsarin jimlar takarda ne matsalar, don mai karatu zai iya komawa baya in ya ɓata, shi kuwa kunne sau ɗaya yake ji maganar ta wuce. Ɗauki wannan sanarwar: "Hukumar lafiya ta bayyana cewa za a gudanar da aikin allurar rigakafin ƙyanda wanda ake sa ran zai shafi yara 'yan ƙasa da shekara 5 wanda za a ƙaddamar ranar Asabar a asibitoci." Ba kalma ko ɗaya mai tsauri a ciki, amma kafin a zo kan Asabar uwa ta manta da wa ake, kuma wannan "wanda" na biyun ba ka san ina ya dosa ba, aikin ne ko yaran? Gyaran shi ne ka fara da wanda ake wa maganar, sai abin da zai yi, sai yaushe: "Iyaye mata, ranar Asabar za a fara allurar ƙyanda. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba a kai shi asibiti mafi kusa. Ranar Asabar ce fa." An zubar da "bayyana cewa" da "gudanar da" da "ƙaddamar", an maimaita ranar da gangan, bayanin da uwa take buƙata kuma yana nan.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne a ɗauka maganar unguwarku ita ce ta kowa. Ka ce "jaka ɗaya", ɗan Najeriya ya ji naira 200, mutumin Maraɗi kuwa jika a wurinsa sefa 1,000 ce, don haka in shirin zai tsallaka iyaka gara ka faɗi adadin da sunan kuɗin ƙarara.

Ni dai ban yarda an gama gyara ba sai an karanta da ƙarfi. Duk inda numfashinka ya ƙare kafin jimla ta ƙare, raba ta. Sannan ka karanta wa wanda bai ga takardar ba, ka tambaye shi wa za a kai, ina, yaushe, in ya rasa ɗaya a koma kan rubutun.